Kilishi, Banda, Goro da Iri a Jakar Matafiyi: Me Ke Wucewa, Me Ake Ƙwacewa?

Waɗannan tambayoyi ne da matafiya daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusuri da Njamena suka fi yi idan tafiya ta taso, ko ta jirgi zuwa Turai, Amurka da Saudiyya, ko ta mota zuwa maƙwabta. Kafin ka sa kowane irin abinci a jaka, ka yi masa tambaya biyu: daga jikin dabba ya fito? Idan aka binne shi a ƙasa aka ba shi ruwa, zai tsiro? Yawancin abin da ake ƙwacewa a hannun mutanenmu ya faɗa ɗaya daga cikin biyun nan.

Malam, zan kai wa ɗana kilishin Ngaundere a Faransa. Kilo nawa aka yarda da shi?

Ko yanka ɗaya ba a yarda da shi ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/2122 ta hana matafiyin da ya taso daga ƙasashe irin namu shiga da nama ko madara, ko wani abin da aka yi da su, a cikin kayansa. Babu adadin da aka ce ƙasa da shi ba komai. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, ganda, busasshen kayan ciki, tsire da aka naɗe a takarda don a ci a hanya, duk hukuncinsu ɗaya. Dokar ta shafi ƙasashe 27 na Tarayyar, saboda haka wanda zai sauka a Brasels ko Frankfurt bai fi mai sauka a Paris sauƙi ba. Birtaniya ta fita daga Tarayyar, amma a kan nama da madarar da suka fito daga Afirka ita ma haka take yi.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne ɓangaren madara. Man shanu madara ne a idon dokar, ko da an soya shi ya yi wata shida a kwalba bai canja ba. Haka cuku, haka kindirmo. Cikin 'yan abubuwan da aka ware akwai madarar jarirai ta gwangwani da abincin da likita ya ɗora wa mara lafiya, su ma kada su wuce kilo 2, su kasance na kamfani a cikin mazubinsu na asali, kuma irin waɗanda ba sa bukatar firji kafin a buɗe.

To ai kilishi ya sha rana, ya sha gishiri da yaji, an kuma gasa shi. Wace cuta za ta rayu a cikinsa?

Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma mai yin ta bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Abin da Turawa ke tsoro ba ciwon cikin mai ci ba ne. Dabbobinsu suke karewa, musamman daga ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru. Mu a nan ciwon yana tare da garkunanmu shekara da shekaru, saniya ta yi ɗingishi, bakinta ya yi gyambo, nono ya ragu, yawanci ta warke. A Turai kuwa sun kawar da shi, ba sa yi wa shanunsu rigakafinsa a kai a kai, kuma idan ya ɓulla a gona ɗaya sai a kashe garken duka, a rufe cinikin nama da ƙasashen waje. A 2001 ya shiga Birtaniya, aka gano mafarinsa a wata gonar aladu da ake ciyar da su ragowar abincin da ba a dafa shi yadda doka ta ce ba. Kafin a shawo kansa an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6.

Ƙwayar cutar tana mutuwa idan tsakiyar naman ya kai zafin digiri 70 ya tsaya a haka minti 30. Kilishin da aka yanka siriri, ya bushe ƙayau, aka gasa shi sosai, mai yiwuwa babu komai a cikinsa. Amma ma'aikacin da ke tsaye a filin jirgi ba shi da hanyar sanin wace saniya aka yanka, a ina, wane likitan dabbobi ya duba ta, minti nawa naman ya yi a kan garwashi. Mu kanmu mun san kilishi kala-kala ne: akwai wanda aka gasa har ya yi ƙamshi, akwai wanda wuta ta ɗan lasa kawai don a yi saurin kai shi tasha. Tunda ba za a iya gwada kowane ƙunshi ba, sai aka hana duka. Don haka gardama da ma'aikaci a kan ingancin kilishinka ɓata lokaci ne, ko ya yarda da kai ba shi da ikon sakin sa.

Idan na sa aka matse shi a leda da injin, aka manna takardar shago? Ko na karɓo takardar likitan dabbobi?

Ba ya canja komai. Matse leda yana hana wari da ƙwari, ba ya mayar da nama wani abu dabam. Takardar likitan dabbobi ta gida tana da amfani a kan hanyoyinmu, amma Turai ba ta karɓar nama sai daga ƙasashe da mayankun da ta tantance ta sa a jerinta, kuma ta hanyar 'yan kasuwa masu rajista, ba a jakar fasinja ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka takardar da za ta shigar da kilishi Paris, kuɗinka kawai zai ci.

Amma ƙanwata ta wuce da shi sau da yawa ba a taɓa tare ta ba.

Gaskiya ne, ba kowace jaka ake buɗewa ba. Sai dai jiragen da suka taso daga Duwala, Yawunde da Njamena suna cikin waɗanda ake sa wa ido, akwai na'urar haska kaya, akwai karnukan da aka horar don shinshino nama. Wanda ya bi ƙofar da aka rubuta Rien à déclarer ya riga ya faɗa da ƙafarsa cewa ba shi da abin bayyanawa. Idan aka tare shi a nan aka sami nama, maganar ta tashi daga kuskure ta koma ɓoyewa, kuma bayan ƙwacewa ana iya cin sa tara. Ga ɗalibi ko mai ziyara da ke fatan a sake ba shi biza, ni ban ga kilishin da ya kai wannan kasada ba. A unguwannin 'yan Afirka na manyan biranen Turai akwai masu yin kilishi da tsire da naman can. Abin da suka fi rasa shi ne yaji mai kyau da ƙuli-ƙuli, su kuwa ana shiga da su. Kai wa ɗanka kayan haɗin, ya sayi nama a can.

Bandar kifi fa? Ita ma ai daga jikin mai rai take.

A nan labarin mai daɗi ne. Kifi ba ya ɗauke da cututtukan shanu da tumaki, don haka Turai ta yarda kowane matafiyi ya shiga da kifi busasshe ko mai hayaƙi har kilo 20, ko kifi ɗaya tak idan nauyinsa ya fi haka. Bandar Tafkin Cadi, ta Maga ko ta Lagdo, da busasshen kifin Logon, duk suna wucewa. Birtaniya ma kilo 20 ta sa.

Abin da ke ɓata banda shi ne ƙwari da magani. Idan aka buɗe kwali aka ga ƙwaro na yawo ko tsutsa, ko gari na zuba daga cikin kifin, ma'aikaci na iya riƙe ta. Wasu masu sayarwa kuma, don gudun ƙwarin, sukan yayyafa mata maganin feshi na gona, wanda guba ne ga mai ci. Ka shinshina kafin ka saya: banda mai kyau hayaƙin itace take yi, idan ka ji wani wari mai kama da kananzir ko fiya-fiya, bar ta. Idan ka kawo gida ka sake ɗumama ta a kan wuta mara ƙarfi, ta huce sarai, sannan ka ɗaure a leda biyu. Wadda aka ɗaure da sauran ɗumi gumi take yi, ta yi fumfuna kafin a sauka.

Zuma?

Kilo 2 ga mutum ɗaya, a Turai da Birtaniya. Zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya ta kusa kilo ɗaya da rabi, saboda haka gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi idan aka cika ta da zumar Adamawa ta riga ta ɗan haura iyaka. Rage ta. Kuma a babbar jaka za ta shiga, domin a jakar hannu ba a barin abu mai ruwa-ruwa da ya wuce mililita 100.

Hajiyarmu za ta tashi daga Garwa zuwa Liyon, 'yar uwarmu ta haihu. Ga abin da ta tara, a duba mana.

Bari mu ɗauki jakar mai zuwa jego kamar yadda aka saba haɗa ta, mu bi ta ɗaya bayan ɗaya. A ce Hajiya ta tara kilishi kilo 3, man shanu lita 2, banda kilo 6, zuma kilo 3, dabino kilo 4, gero tsaba kilo 5 na kunu, kanwa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, zoɓo, ɗanyen attaruhu da ɗanyar citta, goro ƙwarya ɗaya, da ɗan ƙullin irin yakuwa da rama da mai jego ta roƙa don ta shuka a tukunya.

Kilishi da man shanu su fita tun a gida, a ba yara. Banda kilo 6 tana ƙasa da iyaka, ta zauna. Zuma a rage ta zuwa kilo 2. Dabino ya wuce ba tare da takarda ba, domin yana cikin 'ya'yan itace biyar da Turai ta ware: dabino, ayaba, abarba, kwakwa da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan. Ko na Faya ne ko na Madina, ɗaya ne.

Kuka, kuɓewar da aka busar aka daka, daddawa, yaji da busasshen zoɓo kayan da aka sarrafa ne, ba sa tsiro, ba su fito daga dabba ba, su ne suka fi kowa sauƙin wucewa. Sharaɗin kawai a tabbata ba a daka yajin da busasshen nama ba. Kanwa ma'adini ce, dokar tsirrai da ta dabbobi ba su shafe ta ba, amma farin gari ko farin dutse a leda ba suna yakan sa a tsayar da mutum a yi ta tambaya. A bar ta dunƙule, a rubuta natron a jikin ledar, sunan da ma'aikacin Faransa zai gane ke nan.

Gero tsaba yana tsakiya. Na ci ne, amma a ido ba shi da bambanci da iri, kuma ƙwari na ɓuya a cikinsa. Tunda kunu za a yi, a surfa shi, a wanke, a shanya, a niƙa da kayan ƙamshi tun a Garwa. Garin kunu ba ya jawo tambaya, kuma an hutar da mai jego neman injin niƙa a Liyon.

Ɗanyen attaruhu da ɗanyar citta su fita, a maye su da busassu dakakku. Tun 14 ga Disamba 2019 Turai ke neman takardar lafiyar tsirrai a kan ɗanyun kayan lambu, 'ya'yan itace, furanni da iri, komai ƙanƙantarsu, ko mangwaro ɗaya ne da aka manta a jakar hannu. Goro ɗanye ɗa ne mai rai, idan aka shuka shi yana fitowa, kuma ana naɗe shi da ɗanyen ganye, ganyen ma tsiro ne. Idan Hajiya ba ta iya kwana ba goro, ta ci nata a jirgi, ta sayi wani a shagunan 'yan Afirka. Irin yakuwa da rama kuma ba sa tafiya sai da takarda, ga bayaninta a ƙasa.

Idan aka lissafa, abin da aka cire gaba ɗaya shi ne kilishi, man shanu, ɗanyun kaya, goro da iri. Kusan duk abin da ake bukata don miya da kunun mai jego ya tafi. Shawarata ga 'ya'yan Hajiya ita ce kowane abu a ledarsa mai haske, da sunansa da Faransanci, a jera kayan abincin a jaka ɗaya, a rubuta mata jerinsu a takarda ta riƙe tare da fasfo. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci sosai, takardar nan ce za ta yi magana a madadinta.

Mece ce wannan takarda ta lafiyar tsirrai, a ina ake samun ta?

Sunan da za ka gani a kanta shi ne certificat phytosanitaire. Shaida ce daga hukumar kare tsirrai ta ƙasar da kaya suka fito cewa an duba su ba a ga cuta ko ƙwaron da ƙasar da za a shiga ke gudu ba. Siffarta kusan ɗaya ce a duk duniya, domin ta samo asali daga yarjejeniyar kare tsirrai ta ƙasa da ƙasa ta 1951. A Kamaru ma'aikatar noma, MINADER, ke bayar da ita ta hannun jami'anta da ke filayen jirgi, tashar ruwa da manyan iyakoki. A Cadi hukumar DPVC ce. Nama, kifi da dabbobi masu rai kuwa ba nasu ba ne, a Kamaru na MINEPIA ne.

Kayan da kansu za ka kai, ba hotonsu ba. Iri ya zama tsaftatacce, ba ƙasa, ba ƙaiƙayi, ba ƙwaro, kowane nau'i a ƙullinsa. A takardar ana rubuta sunan tsiron na kimiyya, yawansa, inda aka noma shi, sunan mai kai wa da na mai karɓa. Yakuwa, misali, Hibiscus sabdariffa za a rubuta. Kada ka yi gaggawar karɓa, domin Turai ba ta amincewa da wadda aka bayar fiye da kwana 14 kafin kayan su bar ƙasa. Kada kuma ka bari sai ranar tafiya.

Sai dai takardar ba mabuɗin kowace ƙofa ba ce. Ƙasar shuka an hana shiga da ita Turai ko da takarda, don haka dashe a tukunya ko a leda da ƙasarsa ba ya tafiya. Dankalin Turawa daga ƙasashenmu da dashen lemo su ma an hana. Abin da za a dasa kuma, ko yana da takarda, sai an gabatar da shi ga masu duba tsirrai a inda aka sauka, ba a wuce da shi shiru ba. Don ɗan ƙullin yakuwa na tukunya, wahalar ta fi amfanin, gara a nemi irin a can.

Ina shirin aikin Hajji daga Garwa. Me zan kiyaye?

Goro na farko. Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba, kuma kowace shekara hukumomin alhazai na yankinmu suna maimaita gargaɗin. Alhaji, kada ka cusa shi a cikin gari ko a matashin kai. Ƙa'idar lafiyar alhazai ta Saudiyya ta hana shiga da ɗanyen abinci, abin da ta bari shi ne ɗan abin da aka rufe da kyau, mai sauƙin dubawa, gwargwadon cin mutum ɗaya. Kuka, yaji da garin kunu kaɗan sun shiga wannan, buhu bai shiga ba.

Abin da ya fi goro haɗari shi ne saƙo. Kada ka karɓi ƙullin da ba ka buɗe da hannunka ba, ko daga wa ya fito, ko an ce maka kuka ce za a kai wa wata 'yar uwa a Makka. Hukuncin miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma wanda sunansa ke jikin jaka shi ake kamawa. Maganin da kake sha ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita.

Amurka fa?

Can magana ɗaya ce ta fi komai: bayyana duk abincin da ke jakarka, ko a takardar kwastan ko da baki idan aka tambaye ka. Idan ka bayyana aka ga haramtacce ne, za a karɓe, ka tafi ba tara. Idan ka ce babu aka samu, tarar karon farko takan kama daga dala 300. Kilishi da sauran nama ba sa wucewa, har dunƙulen miya mai naman kaza ko na shanu yakan maƙale. Ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu ma haka. Busasshen kifi, yaji da garin kuka yawanci ana sake su bayan an duba.

Naman daji da aka busar, ko fata da ƙaho na magani?

Wannan ya wuce ƙwacewa, ya zama laifin da ke kai mutum kotu, tun daga gida. Namun Waza, Benuwe, Buba Njida da Zakuma doka na kare su, kuma yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa kwastan na duniya suna neman hauren giwa, fatar damisa da ɓawon dankunya, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe gaba ɗaya tun 2017. Wani bincike da aka buga a 2010 ya ƙiyasta cewa kusan tan 5 na naman daji ke shiga ta filin jirgin Paris kowane mako, kuma irin wannan ne ya sa ake tsananta wa jiragen yankinmu. Masu tafiya da kayan maganin gargajiya su duba ƙullinsu da kyau: saiwa da sassaƙe busassu dabam, guntun fata ko ƙashin dabba dabam.

Mu da ke ƙetare gadar Ngeli kullum tsakanin Kusuri da Njamena, duk wannan ya shafe mu?

Ba da wannan tsananin ba. Kamaru da Cadi duka suna cikin ƙungiyar tattalin arziki ta CEMAC, cututtukan dabbobinmu iri ɗaya ne, kuma ba wanda ya saba tare mutum don ƙunshin kilishi ko cefanen gida. A iyakokin ƙasa, yawa ne ke canja hukunci. Mudu biyu na wake guzuri ne, buhu goma fatauci ne, shi kuma yana bukatar biyan duwan da takardun duba lafiyar kaya. Ɗanyen nama mai yawa ana neman hatimin likitan dabbobi a jikinsa.

Abu biyu ke sa a wayi gari an tsananta. Na farko ɓarkewar cuta: murar tsuntsaye ta fara bayyana a Kamaru a 2006 a jikin agwagi a Marwa, ta sake dawowa a 2016 ta Yawunde, kuma a irin wannan lokaci kaji masu rai da ƙwai ne ake fara tarewa. Na biyu tsadar abinci: gwamnatoci kan dakatar da fitar da hatsi, kamar yadda Kamaru ta yi a ƙarshen 2021 a kan hatsi, shinkafa da man girki. Irin wannan umarni yana zuwa yana tafiya, don haka kafin ka loda gero ko masara ka tambayi ofishin duwan na iyakar da za ka bi a makon da za ka bi ta, kada ka dogara da labarin bara.

Ta ɓangaren Najeriya, a Fotokol da Gamboru ko Amshide da Banki, ka fita daga CEMAC. Shinkafar waje ta iyakar ƙasa da daskararrun kaji su ne kwastan na Najeriya suka fi kamawa, an hana shiga da su.

Idan aka riƙe maka kaya a kowace iyaka, ka nemi a gaya maka dalili, ka nemi takardar kamu mai ɗauke da sunan ofishi da yawan kayan. Idan kuɗi ka biya, ka karɓi rasit. Ka yi wannan cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba. Kayan da aka karɓa ba takarda ba ka da inda za ka bi sawunsu.

Na ga irin dawa mai kyau a wajen wani aboki a Cadi, wani kuma ya yi mini alkawarin sandunan rogo daga kudu. Tunda ba mai hana ni, akwai matsala?

Akwai, kuma a nan ba ma'aikaci nake jiye maka ba, gonarka nake jiye wa. Manoman yankin nan sun daɗe suna musayar iri, masakwa da albasar Marwa da ta Galmi duk haka suka yaɗu, kuma abu ne mai kyau. Amma cuta ma ta wannan hanyar take bi. Ƙwaron rogo mai farin gari ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970 a jikin sandunan dashe, ya bi ƙasashe yana cinye gonaki har sai da aka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga can asalinsa ya rage shi. Ciwon da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, shi ma a cikin sandar yake zaune, ba a ganinsa a jikin sandar da aka yanke. Don haka kada ka karɓi sanda sai ka ga gonar da aka yanko ta tana tsaye da ganyenta.

Ga dawa da gero, babban abin tsoro wuta-wuta ce. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubun dubbai, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar hatsi. Irin da aka sussuka a ƙasa a gonar da ke da ita yana tahowa da su ba wanda ya sani. Ka roƙi abokinka ya ba ka zangarniya da aka yanka daga kan kara, daga gonar da ba ta fure ja ba, ka sussuka a kan tabarma mai tsabta a gida, ka tankaɗe ƙurar ka ƙona ta. Ka haɗa irin da maganin iri kafin shuka. Shekarar farko ka shuka shi a kusurwa ɗaya ta gona inda idonka ke kai, idan wuta-wuta ta fito ka tuge ta kafin ta yi fure.

Idan na aika ta gidan waya ko ta kamfanin kai saƙo, ba a jakata ba?

Dokar ɗaya ce. Ƙunshin da aka aika wa mutum a Turai ana yi masa hukuncin jakar fasinja: ba nama, ba madara, kifi da zuma da iyakarsu, iri da takardarsa. Bambancin kawai shi ne ba ka nan balle ka yi bayani, kuma idan aka sami kilishi a ciki, kuka da yajin da ke tare da shi na iya tafiya da shi. A takardar da ake mannawa a jikin kwalin ka rubuta sunan kowane abu da nauyinsa dalla-dalla. Kalmar cadeau ita kaɗai ba ta gaya wa mai dubawa komai, sai ma ta sa ya buɗe.